Rashin barci mai daɗewa: yadda rage zaman shimfiɗa ke maido da barci

A garuruwanmu idan mutum ya yi kukan rashin barci, shawarar da yake fara samu ita ce ya riƙa kwanciya da wuri, ya huta sosai. Ga wanda ya kwana biyu yana hidimar biki ko jinya, wannan shawara daidai ce. Amma ga wanda ya share watanni yana juyi kan katifa, ita ce ke ƙara dagula lamarin. Likitocin barci sun daɗe da gano cewa mai irin wannan matsala yana samun sauƙi ne idan ya rage awoyin da yake yi a kwance, kuma ya daina zama kan shimfiɗa ido biyu.

Hanyoyi biyu ne, kuma tare ake bin su. Ta farko wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka mai suna Richard Bootzin ne ya tsara ta a 1972, ita ce ta maido da alaƙa tsakanin shimfiɗa da barci. Ta biyu Arthur Spielman da abokan aikinsa suka bayyana ta a 1987, ita ce ta taƙaita lokacin kwanciya. Su ne ginshiƙin maganin da ake yi wa rashin barci ba tare da ƙwaya ba, wanda ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce a 2016 shi ya kamata a fara gwadawa kafin a rubuta wa mutum maganin barci. Masana na Turai ma sun ba da irin wannan shawara a 2017. Ba su buƙatar na'ura, ba su buƙatar kuɗi. Takarda da alƙalami da agogo sun isa, sai haƙurin makonni shida zuwa takwas.

Wane ne ake nufi

Ba kowane mai kwanan zaune ba ne. Ana cewa rashin barci ya zama mai daɗewa idan mutum yana shan wahalar fara barci, ko yana farkawa cikin dare ya kasa komawa, ko yana tashi tun kafin lokaci, aƙalla dare uku a mako, har tsawon wata uku ko fiye, kuma abin yana taɓa shi da rana: gajiya, saurin fushi, mantuwa, kasa tattara hankali. Sannan dole a ce yana da damar yin barcin. Mai gadi da ke kwana a bakin aiki, ko mai jego da jariri ke tayarwa sau huɗu, ba su cikin wannan sahu. Haka nan wanda zafin watan Afrilu da ɗaukewar wuta suka hana sakewa. Shi iska yake nema.

Abin da ya fara kawo matsalar sau da yawa ya riga ya wuce. Rasuwa ce, ko bashi, ko zazzaɓi, ko rikicin gida. An biya bashin, zazzaɓin ya tafi, amma barcin bai dawo ba. Abin da ke riƙe da matsalar yanzu shi ne dabarun da mutum ya ɗauko don ya rama abin da ya rasa: kwanciya tun bayan isha'i, komawa shimfiɗa bayan asuba, dogon barcin rana, da shayi mai kauri don ya iya aiki.

Dalilin da ya sa yawan kwanciya ke cutarwa

Barci yana da irin yunwarsa. Tun daga lokacin da mutum ya farka da safe, buƙatar barci take taruwa a jikinsa sannu a hankali, kuma gwargwadon daɗewarsa a farke gwargwadon ƙarfinta. Wanda ya yi barcin awa ɗaya da rabi bayan azahar ya rage wannan yunwa, kamar wanda ya ci ƙosai da la'asar sannan aka kawo masa tuwo da magariba. Wanda kuma jikinsa ke iya barcin awa biyar da rabi amma yake kwanciya awa tara, barcin nan zai watsu ne cikin awa taran, ya zama gutsi-gutsi, mara nauyi, da gibi a tsakani.

Abu na biyu shi ne sabo. Kwakwalwa tana haɗa wuri da abin da aka saba yi a wurin. Idan dare ɗari mutum ya kwanta kan katifa ɗaya yana lissafin kuɗin haya, yana duba agogo, yana jin haushin kansa, to katifar ta zama wurin tunani. Akwai alama da ke nuna haka a fili, kuma masu wannan ciwo da yawa sun san ta: mutum yana zaune gaban tele ko a majalisa yana gyangyaɗi har kansa na faɗuwa, amma da zarar ya shiga ɗaki ya miƙe, sai idonsa ya bushe. Wasu ma sun fi yin barci a gidan baƙunta ko cikin motar Maraɗi zuwa Yamai fiye da ɗakinsu. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, kuma ɓarawo ba ya shiga gidan da aka zauna ana jiransa.

A fara da rubutu

Kafin a canza komai, a yi mako biyu ana rubutawa. Idan an ƙosa, mako ɗaya ma ya yi. Kowace safiya a rubuta ƙarfe nawa aka kwanta, kimanin minti nawa aka ɗauka kafin barci ya zo, tsawon lokacin da aka yi a farke cikin dare, da ƙarfe nawa aka bar shimfiɗa. A rubuta barcin rana ma. Kintace ake yi da safe, ba a kwana ana kallon agogo don lissafin ya fita daidai, domin kallon agogon kansa yana cikin abubuwan da ke korar barci.

Mu ɗauki misalin wani tela a Damagaram, mai shekara arba'in da ɗoriya. Yana kwanciya ƙarfe 9:30 na dare saboda ya gaji. Barci ba ya ɗaukarsa sai wajen 11:00. Yana farkawa wajen ƙarfe 2:00 ya yi awa guda ko fiye yana juyi. Yana tashi 5:30 ya yi sallar asuba, ya dawo ya sake kwanciya daga 6:00 zuwa 7:30, inda wani lokaci ya samu rabin awa, wani lokaci bai samu komai ba. Da ya haɗa lissafin mako biyu, sai ya ga yana yin awa tara da rabi a kwance kowace rana, wato minti 570, amma barcinsa bai wuce awa biyar da rabi ba, wato minti 330.

Daga waɗannan lambobi biyu ake fitar da ma'aunin da za a riƙa bi. A raba mintocin barci da mintocin kwanciya, a ninka da ɗari. Na telan nan, 330 a raba da 570 ya ba da kashi 58 cikin ɗari. Ma'ana kusan rabin zamansa kan katifa a farke yake yin sa. Mai lafiyayyen barci yakan kai kashi 85 ko fiye.

Yanke lokacin kwanciya

Ƙa'idar ita ce lokacin kwanciya ya zama daidai da barcin da mutum yake samu a zahiri. Telan yana samun awa biyar da rabi, don haka awa biyar da rabi zai riƙa kwanciya. Akwai iyaka: ko da rubutun ya nuna awa uku ko huɗu, ba a sauka ƙasa da awa biyar, wasu likitoci ma ba su yarda a sauka ƙasa da biyar da rabi ba. Dalili shi ne masu rashin barci sukan ƙiyasta barcinsu ƙasa da yadda yake, kuma matsi fiye da haka yana da haɗari da rana.

Lokacin tashi ake fara tsayarwa, sannan a ƙirgo baya. A nan muna da sauƙin da wasu al'ummomi ba su da shi, domin kiran sallar asuba ya riga ya ba yawancinmu lokacin tashi da ba ya canzawa ranar Asabar ko Lahadi. Telan ya tsayar da 5:30. Awa biyar da rabi baya ita ce 12:00 na dare. To ba zai hau katifa ba sai sha biyu, kuma zai bar ta 5:30 ko ya yi barci ko bai yi ba.

Komawa bayan asuba ita ce abin da ya fi yi wa mutane wuyar bari, kuma a ganina ita ce ke rusa shirin mutane da yawa. Awa ɗaya da rabi ɗin nan da telan ke yi yana ganin hutu ne, alhali daga barcin daren gobe yake cirowa. A cikin waɗannan makonni ya fi masa ya zauna a masallaci har gari ya waye, ko ya taka zuwa shago da wuri, ya samu hasken safiya a idonsa. Hasken safe yana taimakawa wajen daidaita agogon jiki, ya sa barci ya riƙa zuwa a lokaci ɗaya.

Daga nan sai lissafi mako-mako. Idan ma'aunin mako ya kai kashi 90 ko fiye, a ƙara minti 15 ta hanyar kwanciya da wuri, lokacin tashi yana nan inda yake. Idan yana tsakanin 85 da 90, a bar shi yadda yake. Idan ya gaza 85, a rage minti 15, muddin ba a taɓa iyakar awa biyar ba. Wasu asibitoci suna sassauta waɗannan lambobi kaɗan, amma tsarin ɗaya ne.

Makon farko na telan bai yi daɗi ba. Daren farko da na biyu ya kwanta sha biyu amma bai samu fiye da awa huɗu ba. Zuwa dare na huɗu barci ya fara ɗaukarsa cikin minti goma sha biyar. Matsakaicin makon ya zama minti 285 cikin 330, kashi 86, don haka bai canza komai ba. A lura cewa a wannan mako barcinsa ya ragu da minti 45 a kan yadda yake kafin ya fara. Haka ake tsammani, kuma a nan ne mutane da yawa ke cewa hanyar ba ta aiki su watsar. Mako na biyu ya samu minti 305 cikin 330, kashi 92, sai ya koma kwanciya 11:45. Mako na uku 320 cikin 345, ya koma 11:30. Haka ya riƙa matsowa har ya kai 11:00, yana barcin kusan awa shida a jere, farkawar ƙarfe biyu ta zama ta ƴan mintoci. Da ya gwada 10:45, sai ma'aunin ya faɗo zuwa kashi 84, juyin ya fara dawowa. Wannan ya nuna masa iyakar abin da jikinsa ke buƙata a yanzu, sai ya koma 11:00 ya tsaya.

Awa shida ba takwas ba ce, kuma wasu za su ga kamar ribar ba ta da yawa: minti ashirin da biyar kacal ya ƙaru. Amma da yana kwana awa huɗu a farke kan katifa, yanzu bai fi minti talatin da biyar ba. Abin da ake dubawa shi ne yadda mutum yake da rana. Yawancin manya suna buƙatar awa bakwai ko fiye, kuma barcin yakan ci gaba da ƙaruwa a hankali cikin watannin da ke biye, amma ba kowa ne zai kai takwas ba, musamman idan shekaru sun ja.

Dokokin shimfiɗa

Hanyar Bootzin tana tafiya tare da wannan tun daren farko. Ba a kwanciya sai an ji barci. Jin barci daban yake da gajiya: gajiya ciwon jiki ce da kasala, jin barci kuwa shi ne hamma, nauyin ido, karanta layi ɗaya sau uku. Idan sha biyu ta yi telan bai ji wannan ba, zai ƙara jira. Sha biyun ita ce farkon lokacin da aka yarda ya kwanta, ba dole ba ce.

Shimfiɗa ta barci ce da kwanciyar aure kawai. Ba a cin abinci a kai, ba a sauraron rediyo, ba a duba salula, ba a tattauna kuɗin cefane.

Doka mafi nauyi ita ce ta tashi. Idan an kwanta aka ga kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin sun wuce barci bai zo ba, ko aka ji haushi ya fara tasowa, a tashi a bar wurin. A zauna wani wuri cikin haske mara ƙarfi, a yi abin da ba ya tayar da hankali: jan carbi, karatu mai sauƙi, tsintar wake, sauraron wani abu a hankali. Idan ido ya yi nauyi a koma. Idan barcin ya sake ƙi, a sake tashi, ko sau huɗu ne a dare ɗaya. A farkon makonni hakan na faruwa. Daga baya yana raguwa. Abin da ake koya wa kwakwalwa shi ne duk lokacin da jiki ya taɓa katifar nan, barci ne ke biyowa ba da jimawa ba.

Littattafan da aka rubuta a Turai suna cewa a koma wani ɗaki. Mai ɗaki ɗaya da mata da yara fa? Ba ɗakin ne muhimmi ba, bambancin wuri da yanayin zama ne. Kujera a bakin ƙofa ta isa, ko tabarma a tsakar gida, da sharaɗin a zaune ake, ba a kishingiɗe ba, don kada barci ya kama mutum a can ya zama tabarmar ce sabon gadonsa. Wanda shimfiɗarsa ita ce wurin zamansa da rana, ya naɗe ta da safe ko ya jingine katifar, kada ya shimfiɗa ta sai lokacin kwanciya. Lokacin damina da sauro, a tanadi wurin zaman tun da yamma, domin wanda sauro ya kora zai koma gado tun barci bai zo ba. Lokacin hunturu kuma a ajiye bargo a kusa. Sanyin watan Janairu ya hana mutane da yawa bin wannan doka. Kuma a gaya wa abokin kwana tun farko, don kada fitar dare ta zama abin zargi.

Sauran awoyin yamma su ne wata matsalar. Mutumin da ya saba kwanciya 9:30 yanzu zai jira sha biyu, kuma gyangyaɗin minti ashirin a kujera ƙarfe goma ya isa ya ɓata daren. Gara ya ajiye wa wannan lokaci aikin hannu mara nauyi, kamar guga, ɗinkin maɓalli ko wanke-wanke, ya riƙa miƙewa yana ɗan zagayawa idan ya ji kansa na rinjaya. Zama a fada ma yana taimakawa, sai dai fada da shayi ba su rabuwa. Sinadarin da ke cikin shayi da kofi da goro yana daɗewa a jini. Bayan kimanin awa biyar rabinsa yana nan. Kofin ƙarfe tara na dare yana aiki har ƙarfe biyu. A tsayar da su tun azahar.

Barcin rana asalin dokar hana shi ta yi. A inda rana ke kaiwa digiri arba'in da wani abu, kuma kasuwa kanta ke lafawa bayan azahar, wannan yana da wuya. Idan mutum ya ji ba zai iya ba, ko yana tsoron yin kuskure a wurin aiki, ya yi minti ashirin kawai, kafin ƙarfe uku, ya sa salula ta tayar da shi.

Waɗanda bai kamata su yi shi su kaɗai ba

Taƙaita kwanciya yana ƙara jin barci da rana a mako ɗaya ko biyu na farko, kuma wannan ba abin wasa ba ne ga direban babbar mota, ɗan kabu-kabu, mai aiki da injin niƙa ko mai hawa gini. Irin waɗannan su jira lokacin hutu, ko su bi hanya mai sauƙi: maimakon yankewa gaba ɗaya, su riƙa rage minti 15 zuwa 30 kowane mako har lokacin kwanciya ya kusanci barcinsu. Tana ɗaukar lokaci, amma ba ta jijjiga jiki. Ita ce kuma ta fi dacewa da tsofaffi, waɗanda tashin dare cikin duhu ke iya jawo musu faɗuwa. Su a ajiye musu fitila kusa, ko su zauna a bakin gado maimakon fita.

Mai farfaɗiya kada ya taƙaita barcinsa ba tare da likita ba, domin ƙarancin barci yana tayar da ciwon. Haka mai ciwon tabin hankali irin wanda ke sa mutum ya yi kwanaki cikin zumuɗi da yawan magana ba ya jin buƙatar barci, sannan ya faɗa baƙin ciki. Rage barci na iya tayar masa da shi. Mai juna biyu ta fara tuntuɓar ungozoma ko likita. Wanda kuma yake minshari mai ƙarfi, iyalinsa suna jin numfashinsa na ɗaukewa yana farkawa da shaƙewa, kuma yana gyangyaɗi da rana ko ya kwana yana barci, matsalarsa ta hanyar numfashi ce, tana buƙatar bincike a asibiti. Idan rashin barcin ya zo da baƙin ciki mai nauyi ko tunanin cutar da kai, asibiti za a fara zuwa ba tare da jinkiri ba.

Sai masu shan ƙwaya. Wanda ya daɗe yana shan diyazefam ko makamancinsa don barci, ko na farmasi ne ko na masu talla a tire, kada ya daina rana ɗaya don ya fara wannan shiri. Tsayar da shi kwatsam yana iya kawo karkarwa, firgici, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ne ke rage shi sannu-sannu, kuma ana iya bin dokokin shimfiɗa a lokaci guda. Mai shan taramol shi ma ya faɗa wa likita gaskiya, domin ƙwayar kanta tana hargitsa barci.

Idan an yi mako huɗu ana bin tsarin ma'aunin bai motsa ba, a sake duba rubutun da gaskiya. Galibi za a tarar da ɗaya daga cikin uku: ana komawa bayan asuba ranakun hutu, ana gyangyaɗi da yamma ba a rubutawa, ko ana kwance a farke ana cewa bari a ƙara minti biyar. Idan babu ko ɗaya, to a je a ga likita da takardar a hannu, domin ciwon jiki, yawan fitsarin dare, ƙaiƙayin ƙafa da ke sa mutum motsa ta dole, ko wani magani da ake sha na iya zama sanadi.

Kada a fara shirin cikin watan azumi, lokacin da sahur da sallolin dare ke sauya tsarin kowa. A bari sai bayan salla da mako ɗaya ko biyu. Bayan an samu sauƙi ma, mummunan dare zai riƙa zuwa jefi-jefi, kamar yadda yake zuwa wa kowa. Washegarinsa a tashi a lokacin da aka saba, kada a kwanta da wuri don ramawa. Idan ya kai mako biyu yana maimaituwa, a ɗauko takarda a sake lissafi, a koma lokacin kwanciyar da ya yi aiki a baya.